Wasiƙar da Za a Buɗe Bayan Zubi Goma Sha Biyu

(Kiɗan buɗe shiri, sai ya lafa a hankali)

Shirinmu na musamman na yau daga nan birnin Jos a kan wata irin wasiƙa ce wadda mai rubuta ta shi ne kuma mai karanta ta. Mutum ne zai ƙudiri niyyar ajiye wani abu daga cikin samunsa kowane wata har tsawon shekara guda, sai ya zauna tun kafin zubin farko ya rubuta wa kansa takarda, ya liƙe ta, ya sa ranar da za a buɗe. Masu wayar zamani sun daɗe suna yin haka, akwai ma wani dandali mai suna FutureMe da aka kafa tun 2002 don wannan aiki kawai. Mu abin da ya dame mu a yau shi ne abin da ya kamata a rubuta a ciki, idan mai rubutun tela ce a Anguwan Rogo, ko mai kayan gwari a Farin Gada, ko ƙaramin ma'aikaci a Bukuru.

Bari in faɗi ra'ayina tun da wuri. Yawancin irin waɗannan wasiƙu kirari ne mutum yake yi wa kansa: ka daure, ka cije, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan shekara ta zagayo aka buɗe, ba abin da irin wannan takarda za ta gaya maka wanda ba ka sani ba. Wasiƙar da take da amfani ita ce wadda ta yi aikin shaida. Ta rubuta abin da ake tara wa kuɗin, da farashinsa a ranar, da inda za a ajiye kuɗin, da sharuɗɗan da za a iya taɓa su. Dalili kuwa shi ne naira ba ta tsayawa wuri ɗaya ta jira ka.

Don mu ga yadda abin yake, mun tsara misali guda, mun ɗora shi a kan shekarar 2024, domin alƙalumanta sun riga sun fito. A ɗauka wata tela ce da take ɗinki a cikin gidanta a Anguwan Rogo. Kekenta ɗaya, tana da yarinya mai koyo wadda yini take yi tana sa maɓalli da guga saboda babu keken da za ta hau. A ƙarshen Disambar 2023, cikin sanyin nan na Jos da yake sa yatsu su ƙi riƙe almakashi da safe, ta yanke shawarar ajiye naira 10,000 kowane wata. Ga abin da ta rubuta.

(Kiɗa a ƙasa-ƙasa)

"Zuwa gare ki, ni kaina. Kada ki buɗe wannan sai ranar 5 ga Janairun 2025.

"Yau na je Taminus na tambayi kuɗin keken ɗinki sabo, da teburinsa da ƙafarsa. Shago uku na shiga, mafi sauƙi shi ne naira 120,000. Na rubuta sunan keken da lambar wayar mai shagon a bayan wannan takarda. Na kuma rubuta kuɗin mudun masara da na shinkafa da na yadin shadda na yau, don ki gwada da naki.

"Zan riƙa ajiye 10,000 ranar 5 ga kowane wata, kafin in yi cefane. Idan wata ya kuɓuce mini, zan rubuta sunan watan da dalili a littafin awo, shafi na ƙarshe. Ba zan ninka zubin wata mai zuwa don in rama ba, domin na san halina, in na ninka sau ɗaya zan gaji in watsar.

"Abu biyu ne kawai za su sa in taɓa kuɗin nan: asibiti, ko abinci ya yanke a gida. Anko ba ya ciki. Gudummawar biki da barkar suna daga kuɗin ɗinki za su fito, ko da kaɗan ne. Idan Yaya ya nemi rance, zan gaya masa gaskiya, kuɗin keke ne, kuma ba sa hannuna.

"In kin buɗe kika tarar ba su kai ba, kafin ki zagi kanki ki ɗauki biro ki raba giɓin: nawa ne laifinki, nawa ne na lalura, nawa ne na kasuwa."

(Kiɗa ya ɗaga, sannan ya tsaya)

To, masu saurare, mu bi ta zuwa ranar buɗewa. A misalinmu ta yi zubi wata goma cikin goma sha biyu. Ta rasa Agusta, watan da damina take kan ganiyarta, ɗinki ya ja baya, ga shi kuma a farkon watan ne Gwamna Caleb Mutfwang ya sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos da Bukuru lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa. Ta rasa Satumba saboda kuɗin makarantar yara. A watan Yuni kuma ta ciri 15,000 ta kai ɗanta asibiti, abin da wasiƙar ta yarje mata. Zubi goma 100,000 ke nan, a cire 15,000, saura 85,000 a hannunta.

Keken fa? Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari idan aka kwatanta da Disambar 2023. Idan keken ya bi sahun sauran kaya daidai wa daida, abin da yake 120,000 ya zama 161,760. Zai ma iya wuce haka, domin keken ɗinki daga waje ake shigo da shi, dala yake bi, dalar kuwa da take kusan naira 900 a kasuwar hukuma a farkon shekarar, ta ƙare shekarar sama da 1,500. Amma mu tsaya a kan 161,760 don lissafi ya yi sauƙi.

Tsakanin 85,000 da 161,760 akwai giɓin 76,760. Matar da ba ta rubuta komai ba, abin da za ta gani kawai shi ne ta yi shekara tana ƙuntata wa kanta, kuma da ƙyar ta haura rabin kuɗin keke. Sai ta ce ita tari bai karɓe ta ba, ta kwashi kuɗin ta sai atamfa. Wadda ta rubuta kuwa za ta iya raba giɓin uku kamar yadda ta yi wa kanta alkawari. Watanni biyun da ta tsallake 20,000 ne. Asibiti 15,000. Ragowar 41,760, wato fiye da rabin giɓin, tashin farashi ne, ba hannunta a ciki. Ko da ba ta tsallake wata ko ɗaya ba, ko da yaron bai yi ciwo ba, 120,000 ɗinta ba za su sayi keken ba.

Wannan rabon shi ne amfanin wasiƙar, domin kowane kashi maganinsa daban. Na watannin da aka tsallake, maganinsa gyara tsarin zubi. Na asibiti, ware wani ɗan asusu dabam. Na kasuwa kuwa, ba a maganinsa da ƙarin haƙuri, sai an sake dabarar ajiyar gaba ɗaya.

Mu fara da tsarin zubin. Kuskuren da telar ta yi tun farko shi ne ta ɗauki watanni goma sha biyu a matsayin abu ɗaya, alhali kowane tela a Jos ya san ba haka suke ba. A 2024 azumi ya fara ne ranar 11 ga Maris, aka yi Ƙaramar Salla ranar 10 ga Afrilu, Babbar Salla kuma ranar 16 ga Yuni. Makonnin da suke gabanin waɗannan ranaku su ne kakar tela, lokacin da ake kwana a kan keke. A Jos akwai kaka ta uku, Disamba, saboda ɗinkin Kirsimeti da bukukuwan ƙarshen shekara. Da ta rubuta a wasiƙarta cewa a Maris da Mayu da Disamba zubinta 18,000 ne, a Agusta da Satumba 4,000, sauran watanni bakwai 10,000, da ta tashi da 132,000 ba tare da ta ji ta karya alkawari ko sau ɗaya ba. Mai kayan gwari ma haka lissafinsa yake, ya san watannin da tumatir da kabeji da karas suke cika Farin Gada da watannin da kasuwa take bushewa. Mai albashi kaɗai ne 10,000 a kowane wata take yi wa daidai, shi ma idan albashin yana zuwa a kan kari. Sannan a tuna, watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka wanda zai tsara zubinsa bisa Salla sai ya duba kalandar shekarar da yake ciki, kada ya kwafi ta bara.

(Gajeren kiɗa)

Sai maganar inda kuɗin za su zauna, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a nan ake asara.

Asusun gwangwani ko na katako a ƙarƙashin gado shi ne mafi kusa da hannu, kusancin nan kuwa shi ne aibinsa. Shago ma ba ma'ajiya ba ne. Duk wanda ya ga abin da wuta ta yi wa babbar kasuwar Taminus a Fabrairun 2002 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Waɗanda kuma suka tara tsofaffin takardun naira a gida sun sha wuya a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, suna bin layin banki da jakunkuna kafin wa'adi ya cika.

Banki ya fi tsaro. Tun watan Mayun 2024 hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya idan banki ya durƙushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma masu lasisi. Wata guda bayan haka, ranar 3 ga Yuni, Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage, aka ga amfanin wannan inshora a zahiri. Kuɗin telarmu suna can ƙasa da wannan iyaka, ba ta da fargaba ta wannan fuska. Amma kada ta sa ran banki ya cike mata giɓin farashi. Ƙa'idar Babban Banki ita ce mafi ƙarancin ribar asusun ajiya kashi 30 cikin ɗari ne na ma'aunin kuɗin ruwan da shi kansa ya tsayar. A ƙarshen 2024 ma'aunin nan yana kashi 27.5, wato riba ta kusan kashi 8 a shekara, a farkon shekarar ma ba ta kai haka ba. Tunda kuɗin ba rana ɗaya suka shiga ba, zubin Janairu ne kaɗai ya yi shekara cur, na Disamba wata guda ya yi. Ko da an lissafa da kashi 8 tun daga farko, cikakken zubi goma sha biyu ba zai haifi fiye da kimanin 5,200 ba, a gaban tashin farashi na 41,760. Kuma wanda ya cira fiye da sau huɗu a wata, ribar wannan watan ta wuce shi. Ga wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa ba da ruwa irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, masu asusun mudaraba da ake raba ribar kasuwanci. Su ma abin da za a samu a kan irin wannan ƙaramin zubi ba zai kamo farashi ba.

Adashe fa? A nan abin ya danganta da lambar kwasa. A ce mata goma sha biyu ne, kowacce tana zuba 10,000 a wata. Wadda ta kwashi farko a Janairu ta karɓi 120,000, ta tafi Taminus ta ɗauko keke a tsohon farashi, yarinyarta ta fara ɗinki, keken da kansa yana taya ta biyan sauran zubin. Wadda ta kwashi ƙarshe a Disamba ita ma 120,000 ta karɓa, zubinsu ɗaya, amma keke ya riga ya tsere mata. A shekarar da farashi yake gudu, kwasar ƙarshe rance ne mutum yake bai wa 'yan'uwansa kyauta. Ba laifi ba ne, zumunci ne, amma a yi shi da sani. Shi ya sa a adashen da aka tsara da adalci, wadda ta zo ƙarshe a wannan zagaye ita ce farko a na gaba, ko kuma a yi ƙuri'a a gaban kowa. Idan adashe za ki shiga, rubuta a wasiƙarki lambar kwasarki, da sunan uwar adashe, da abin da aka yi yarjejeniya za a yi idan wata ta kwasa ta daina zubi. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ake jin nauyin yi a ranar farko, ita ce kuma take raba zumunci a wata na takwas.

Masu zagayawa kasuwa suna karɓar zubin kullum da kati kuwa, al'adarsu zubin kwana ɗaya a wata nasu ne, ladan ajiya. Kai ne kake biya don a tsare ka daga kanka. Mutane da yawa sun yarda da wannan ciniki, kuma ban ga wautarsu ba. A ƙasar Filifin an taɓa gwada wani asusu mai suna SEED a bankin Green Bank of Caraga, wanda mai shi yake yarda da kansa a hana shi cira sai wa'adin da ya sa ya cika, ba tare da ƙarin riba ba. Masana uku, Nava Ashraf da Dean Karlan da Wesley Yin, sun wallafa sakamakon a 2006: kashi 28 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tayi suka karɓa, bayan shekara guda kuma ajiyar rukunin da aka yi wa tayin ta ɗara ta sauran da kashi 81 cikin ɗari. Sai dai mai kati mutum ne, ba shi da inshora, idan ya ɓace ya ɓace.

Akwai layi ɗaya da nake so kowa ya sa a wasiƙarsa: duk wanda ya ce zai ninka mini kuɗin nan, amsata a'a ce. Domin daidai lokacin da mai tari ya gano farashi yana tsere masa, a nan ne masu romon baka suke samun kunnensa. MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, CBEX ta ruguje a Afrilun 2025, kuma a kowane karo akwai kuɗin adashe da na makarantar yara a cikin abin da ya salwanta.

To me telar za ta yi wa kashin kasuwa? Abu mafi sauƙi, ta daina riƙe naira har ƙarshen shekara. Keken ɗinki yana rabuwa: akwai kai, akwai tebur, akwai ƙafa. Idan kuɗi suka kai na kan keke a wata na bakwai ko na takwas, ta saye shi ta ajiye, wannan kashi ya fita daga hannun tashin farashi. Ko ta nemi na hannu mai lafiya, ta tafi da makanikin keke ya duba mata. Ta kuma rubuta wa kanta cewa duk bayan wata uku za ta kira mai shagon ta ji farashi, ta rubuta a littafin awo. In ta ga ya ƙaru da kashi goma, ta san tun a lokacin cewa ko zubi ya ƙaru ko buri ya ragu, ba sai Janairu ya zo ya ba ta mamaki ba. Wasu za su ce ta sayi masara a Mangu da kaka ta ajiye, ta sayar da bazara. Ana samu a wannan, amma sana'a ce mai zaman kanta: akwai ƙwari, akwai danshin damunar Jos, kuma farashin hatsi yana sauka kamar yadda yake hawa, waɗanda suka tara buhuna suna jiran tsada a 2025 sun gani. Tela ta fi sanin keke da yadi, gara ta tsaya a inda idonta yake gani.

(Gajeren kiɗa)

Saura yadda za a sa wasiƙar ta jira ranarta. Idan takarda ce, a sa ta a ambulan, a liƙe, a rubuta ranar buɗewa a baya, a ba wanda ba ya cikin masu iya neman rance a wurinka, kamar malaminka ko wata gwaggo mai riƙon amana. Kada a sa ta cikin asusun da kuɗin suke, domin ranar da aka fasa asusu don lalura ita ma ta tafi. Mai amfani da Gmail zai iya rubuta wa adireshinsa saƙo, ya zaɓi Schedule send maimakon aikawa nan take, ya sa rana da lokaci. Haɗarin wannan shi ne a sace waya, ko a manta kalmar sirri, ko a canza layi, don haka a ajiye kwafi a takarda.

Sannan a lura, wasiƙar da aka liƙe ba ta iya tunatar da kowa a watan Agusta. Saboda haka sharuɗɗan nan, wato ranar zubi, da adadin kowane wata, da abu biyun da za su sa a taɓa kuɗi, a kwafe su a wata 'yar takarda a manna a inda ido yake kai wa kullum, kamar cikin murfin akwatin zare. Abin da ya kamata ya zauna a liƙe shi ne farashin ranar farko da umarnin raba giɓi, domin su ne ƙwaƙwalwa take sakewa. Bayan shekara guda, kaɗan ne cikinmu za su iya faɗin nawa suka sayi mudun masara bara war haka ba tare da sun yi ƙari ko ragi ba.

Wanda zai buɗe tasa a wannan wata, ya tanadi biro da littafin da ya rubuta watannin da ya tsallake, ya kira mai shago ya ji farashin yau tun kafin ya yage ambulan, don ya yi lissafin a zama ɗaya.

A nan za mu dakata da shirin na yau.

(Kiɗan rufe shiri)